Langar Hajiya

A gidan da na tashi ba a ƙirga shekarun aure. Mahaifina ya zauna da mahaifiyata har ƙasa ta rufe masa ido, ban taɓa jin ya ce yau shekara kaza ke nan da aka kawo ta ba. Ni ma da haka zan tafi, ba don Auta ba. Na sa ta nemo min takardar fili a tsohuwar jakata, sai ta ci karo da katin ɗaurin aurenmu, ya yi ja don tsufa. Ta ƙirga da yatsunta, ta ce, "Baba, watan Mayun nan fa shekara 40." Nan take ta fara lissafin anko da mai hoto. Na ce mata ba da ni ba, gemu ya yi fari ba zan tsaya ina yanka kek a gaban surukai ba.

Amma maganar ta ƙi barina in yi barci. Akwai wani abu da na shekara 26 ina ɗauke da shi, kullum ina cewa gobe. Ganin lambar nan ta 40 ya sa na gane goben ta fara ƙarewa. Na yi yammaci uku a shago bayan an watse ina rubuta wa matata Hajiya wasiƙar nan, da manyan baƙaƙe, don da tabarau take karatu kuma a hankali. Na sa ta cikin 'yar kyautar da na samo mata. Daga baya ta yarda in fitar da ita, bisa sharaɗin kada sunanta ya fito. Ga ta nan yadda na rubuta, ban gyara komai ba.

Assalamu alaikum, Hajiya.

Na san za ki yi mamaki, mutumin da kuke kwana gida ɗaya ya aiko miki da takarda kamar wanda ya tafi ci-rani. Ki yi haƙuri. Sau da yawa na zauna a gabanki da niyyar in yi maganar nan da baki, sai ki miƙo min ruwa ko ki ce miyar ta yi gishiri, shi ke nan maganar ta koma ciki. Takarda ba ta jin kunya, shi ya sa na aiko ta.

Yara sun ce shekararmu 40. Ke na san ba haka za ki ƙirga ba. A watan Sha'aban aka kawo ki, saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, kuma tun daga nan da azumi kike lissafi. Na zauna na ƙirga irin naki: daga azumin 1404 zuwa wanda muka sauke bana, 1445, azumi 42 ke nan kina tashina sahur. A cikinsu ban tuna ranar da na riga ki tashi ba.

Kin tuna yadda auren ya kusa ɗagawa? Sadakinki naira 200 na shekara guda ina tarawa a gwangwanin madara, daga albashin naira 140 da masaƙa ke biyana a Bompai. Kwatsam a ƙarshen Afrilun 1984 gwamnatin soja ta ce an canza launin kuɗi, kowa ya kai nasa banki, kuma wa'adin bai kai mako biyu ba. Kwana biyu na yi a layi, soja na zagayawa da bulala, kafin na samu sababbi, su ma ba duka a rana ɗaya ba. An rufe iyakoki a lokacin, Goggonki ta Damagaram da ta yi alkawarin tasoshi ba ta samu zuwa biki ba, sai tasoshin ne suka iso ta hannun wani mai raƙumi bayan kin tare da kusan wata guda. Kin yi kuka ranar, na ɗauka murna ce, ashe kewar Goggo ce.

Ɗaki ɗaya ne da rumfa a gidan haya a Gwagwarwa. Ranar da 'yan uwanki suka gama jere suka fita, na shigo na tsaya a bakin ƙofa na kasa ƙarasawa. Bango guda ya cika tun daga ƙasa har kusa da rufi. Kwalla manya a ƙasa, fanteka a kansu, sannan kumbuna, sannan langa saiti guda mai hawa shida, fara da jar fulawa da koren ganye, baki shuɗi, kowace da murfinta, babba na ɗauke da ƙarama. Hasken fitilar ƙwai yana dukansu suna mayarwa. Ni da na taso ina ci a akushi, sai na ji kamar fadar wani na shigo bisa kuskure.

A lokacin ado kawai na ɗauke su. Sai da na daɗe kafin na fahimci abin da jere yake ga mace. Innarki ta fara tara kwanukan nan tun kina 'yar shekara bakwai, da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da adashi, ɗaya bayan ɗaya. Su ne asusunki, su ne gonarki. Da su za ki fita kunyar biki, da su za ki yi wa 'ya'yanki mata nasu jeren in lokaci ya yi, kuma in zama ya ƙi, su ne abin da za a ɗora a mota a mayar gidanku. Miji ba shi da ko murfi ɗaya a ciki. Duk Juma'a kina sauke su ki goge da tsumma mai laushi ki mayar, kuma ba a cin abinci a cikinsu. Ƙaramar langar ce kawai kika sauko da ita daga baya, lokacin da aka yaye mai sunan Inna, ta ƙi cin tuwo a kowane kwano sai a mai fulawa.

Shekarun farko ba sai na tuna miki ba, ke kika san su fiye da ni. Layin sabulu da madara, sannan tsadar da ta biyo bayan 1986 lokacin da darajar naira ta fara zubewa, albashi yana nan inda yake, kwanon masara yana gudu. Ina aikin dare mako guda, na rana mako guda, in dawo kunnena na ƙugi saboda ƙarar injin saƙa, auduga a gashina da hancina. Sai ki hana yara motsi, ki kwashe su zuwa rumfa, ki rufa min ƙofa. Ɗan farinmu, wanda har yau ba ki taɓa kiran sunansa ba kuma ba kya yi masa magana sai ta bakin wani, ya taɓa ce min abin da ya fi tunawa da yarintarsa shi ne tafiya da sanɗa.

Sai bazarar 1996. Hajiya, ban so in taɓo wannan ba, amma ba yadda za a yi in kai ga abin da nake son faɗa ba tare da na bi ta nan ba. Sanƙarau ya shigo Kano a shekarar, ga ƙyanda, ga amai da gudawa, duk a lokaci ɗaya, zafi kamar gari zai kama da wuta. Ranar Talata da yamma mai sunan Inna ta ce kanta na ciwo. Na ce zazzaɓin cizon sauro ne, na sayo ƙwayoyi a kemis na tafi aikin dare. Ke kika lura cewa ba ta son hasken fitila, kuma da kika ɗago kanta don ki ba ta ruwa wuyan ya ƙi lanƙwasuwa, haɓarta ta kasa taɓa ƙirjinta. Ba ki jira ni ba. Kika goya yarinya 'yar shekara shida, kika buga wa maƙwabcinmu ƙofa cikin dare. Da na iso asibiti da safe, a ƙasa na same ku a baranda, don gadaje sun cika har ƙarƙashin bishiyoyi. Ranar Alhamis kafin azahar muka kai ta makwancinta.

Ba ki taɓa ce min da ka tsaya daren nan ba. Ko sau ɗaya. Na daɗe ina jiran ranar da za ki faɗa, a cikin faɗa ko a cikin kuka, har na shirya amsar da zan ba ki. Ba ki faɗa ba, amsar ta ruɓe a cikina. Abin da na gani kawai shi ne kin wanke ƙaramar langar, kin goge, kin mayar da ita saman 'yan uwanta.

Yanzu na zo kan maganar.

A 1998 aka sallame mu. Kin san yadda abin ya faro: wuta ba ta samuwa, man janareta ya yi tsada, kayan gyaran inji sai an nemo daga waje da kuɗin da ba su da daraja, ga atamfar waje ta cika kasuwa da arha. Aka rage aiki daga zubi uku zuwa biyu, daga biyu zuwa ɗaya, rannan muka tarar da sunayenmu a manne a bakin ƙofa. Kuɗin sallamar da aka ba ni bai kai rabin abin da muka sa rai ba, ya tafi a bashin haya da na mai kanti. Wata biyar ina fita da safe da kekena kamar mai zuwa aiki, in je in zauna a majalisa a Fagge har la'asar. Kin sani, kika yi kamar ba ki sani ba. Tuwon da muke ci a watannin nan daga kuɗin ɗinkin hularki yake fitowa.

Wani abokina da muka yi aiki tare ya samu tebur a Kantin Kwari, yana sayar da ragowar yadi, irin guntayen da ke saura a ƙarshen bandir da waɗanda aka ware saboda ɗan aibi. Ya ce akwai gefe a teburinsa in zan kawo jari. Sana'ar ta dace da ni, don shekara 16 a gaban inji ta koya min abin da ɗan kasuwa bai sani ba. In na ɗaga yadi a rana ina gane inda zaren tsaye ya tsinke aka ƙulla, da inda zaren kwance ya yi tsalle ya bar layi, da aibin da zai ɓace cikin ɗinki da wanda zai yage bayan wanki biyu. Ilimin yana nan, kuɗin ne babu.

Daren da na gaya miki, kina tsefe wa Auta kai, lokacin tana 'yar shekara biyu. Ban roƙe ki kai tsaye ba, na tsaya ina kewaye-kewaye, idona yana kan bangon nan. Ke kika gaji kika ce, "Malam, in kwanukan kake nufi ka faɗa." Na ce, "Ki ranta min, in Allah ya buɗa zan mayar miki da su har da ƙari." Ki riƙe kalmomin nan, zan dawo kansu.

Washegari kika aika aka kira dillaliya. Tana ɗaukar kowane kwano tana ƙwanƙwasawa da zobenta tana saurare, tana shafa bakin da yatsa ko akwai inda fenti ya ɓantare. Ba ta samu ko ɗaya ba. Kwalla da fanteka da kumbuna suka tafi, tasoshin Goggo shida suka tafi. Da aka zo kan langa, kika ɗauke ƙaramar kika sa a bayanki. Dillaliya ta ce saiti in bai cika ba ya zama tsintuwa, mai yi wa 'yarta jere ba za ta saye shi da daraja ba, sai dai ta rage naira 600. Kika ce ta rage. Bayan ta cire la'adarta, naira 16,500 kika ƙirgo kika ɗaure a gefen ɗankwali kika ajiye min a kan tabarma.

Abin da na yi a daren nan shi ne abu na farko da nake neman gafararki a kai. Maimakon godiya, faɗa na yi. Na ce saboda kwano ɗaya da bai kai tafin hannu biyu ba kin jawo mana asarar naira 600, kin san yadi nawa za su saya? Kika dube ni, ba ki ce komai ba, kika tashi kika shiga ɗaki. Wallahi Hajiya, sai da na kwanta na ga langar ita kaɗai a kan katakon da da yake cike, sannan na tuna ta wace ce. Shekara biyu kacal da rasuwar yarinyar. Na so in tashe ki in ba ki haƙuri, girman kai ya danne ni, na ce da safe. Safiyar ce ta kai yau.

Allah ya sa wa kuɗin nan albarka, irin albarkar da ban taɓa ganin kamarta ba. Daga gefen tebur na samu tebur, daga guntaye na koma bandir, na fara ɗaukar shadda da atamfa a hannun manya ina biya bayan na sayar. A 2003 na kama shago. A duk tsawon lokacin nan bangon ɗakinki yana nan fayau, sai kalanda da kika rataya don rufe tabon da katako ya bari. Sau nawa ina wucewa ta gaban masu kwanuka a Kasuwar Rimi da kuɗi a aljihuna? Kullum sai in ce bari jari ya ƙara ƙarfi. Da ya yi ƙarfi sai na ce ai yanzu an daina yayin langa, samira ake yi. Da aka daina samira sai na ce ai abin da nake ciyarwa da tufatarwa ya ninka kuɗin sau ɗari. Na manta, ko na ƙi tunawa, cewa ci da sha da sutura haƙƙinki ne tun ranar da aka shafa fatiha, ba su rage ko kwabo daga bashi.

Abu na biyu ya fi nauyi. A 2005 na ƙara aure. Ba ina cewa na yi haram ba, kuma baiwar Allah nan da muka zauna shekara uku muka rabu lafiya, ba ni da abin faɗa a kanta sai alheri, ke ma shaida ce. Amma lefen da na haɗa mata, akwati huɗu, daga shagon da kwanukanki suka haifa ya fito. Ke kuma na kawo miki kayan faɗar kishiya, atamfa turmi biyu da leshi ɗaya, ina jin na yi bajinta. Kika karɓa da hannu biyu kika yi godiya. Kina ninke su kika ce, ba tare da kin ɗago ba, "Allah ya sanya alheri. Ashe dai Allah ya buɗa." Na yi kamar ban gane ba. Na gane sarai. Maganar nan ta fi shekara 18 tana bina, a masallaci, a shago, har a gaban Ka'aba.

Kuma lokacin aurar da 'yan matanmu biyu, ke da ya kamata ki sauke jerenki ki raba musu kamar yadda Innarki ta yi miki, sai da kika shiga adashi uku a lokaci guda. Na sayi gado da katifa da kujeru, na ɗauka na gama nawa. Ban tambayi daga ina kayan kicin suka fito ba.

Bayan maganar Auta na je wurin malamin da muke ɗaukar karatu a wurinsa bayan magariba, na kwashe komai na gaya masa. Tambayar farko da ya yi min ita ce, wace kalma aka yi amfani da ita a daren? Ya ce in da kyauta kika ba ni da daɗin rai, to halal ne, babu komai a kaina. In da cewa muka yi ki kawo kuɗi in kawo ƙarfi mu raba riba, to ƙiradi ne, kina da kaso a ribar da aka samu. Na ce masa cewa na yi ki ranta min. Ya ce to bashi ne, kuma shirun mai bin bashi ba yafiya ba ne, musamman mace da kunya da zaman tare za su iya rufe mata baki. Ya tuna min cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ni kuwa ko a bangon ɗaki ban rubuta naki ba.

Na ce to nawa zan biya? Naira 16,500 a yau da ƙyar su sayi turmin atamfa ɗaya mai kyau, in na miƙo miki su ai zagi ne. Ya ce asali dai abin da aka ranta shi ake mayarwa, kuma malamai sun yi saɓani a kan kuɗin da darajarsu ta zube irin haka, wasu sun ce a duba ƙimarsu ta ranar da aka karɓa. Ƙarin da na yi miki alkawari da bakina kuma, tunda ba ke kika sharɗanta ba, ba riba ba ce in na bayar, domin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya biya bashin raƙumi da wanda ya fi shi, ya ce mafi alherin mutane shi ne wanda ya fi kyautata biya.

Sai na ce zan rubuta wasiyya a ba ki shago ɗaya bayan raina. Ya girgiza kai. Ya ce babu wasiyya ga magaji, ke kuma magajiya ce, rabonki tumuni ne tunda akwai 'ya'ya. In na mutu a haka, abin da aka tabbatar bashi ne kawai za a cire kafin rabo, sauran sai in magada sun ga dama. Kyauta kuma a mazhabarmu ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. In na ce na ba ki amma makulli yana aljihuna, ni ke saye ni ke sayarwa har mutuwa ta zo, kyautar ta ɓaci ta koma cikin gado. Ya ce, "Alhaji, in za ka yi, ka yi yanzu, kuma ka cire hannunka."

Don haka makullin da za ki gani a cikin langar na ƙaramin shago ne, da duk kayan da ke ciki. Mun ƙirga su ni da yaron shago, an rubuta, Liman da ƙaninki sun sa hannu a matsayin shaidu, takardar tana ƙarƙashin makullin. Daga ranar Asabar ba zan sake zama a cikinsa ba. Ki zaɓi wanda zai tsaya miki, ko ɗanki ko wani, shi zai riƙa kawo miki lissafi, ba ni ba. In kin ga dama ki sayar, in kin ga dama ki rufe. Kada ki yi min godiya a kansa, don ba kyauta ba ce a wurina, kayanki ne suka daɗe a hannuna.

Kyautar ita ce langar. Na sa Auta ta ɗauki hoton ƙaramar a waya ba ki sani ba, ranar da kika tafi gaisuwar rasuwa a Bichi. Na zaga Kurmi, na zaga Rimi, na je wurin masu tsofaffin kaya. Sababbi suna nan, amma da ka ɗaga za ka ji ba nauyi, ƙarfen siriri, in ka ƙwanƙwasa sai su yi ƙara kamar gwangwani, fulawar kuma kamar an manna ta. Irin taki tana da nauyi a hannu, muryarta tana daɗewa kafin ta mutu. Na samu tsofaffi biyu, ɗaya fulawarta ruwan ɗorawa ce, ɗaya kuma gindinta ya ɓantare tsatsa ta ci har ana hango rana. A ƙarshe wata tsohuwar dillaliya a Yakasai ta ce in bar mata hoton. Bayan mako biyar ta aiko, ta samo a Gezawa cikin kayan wata tsohuwa da jikokinta ke rabawa. Ta biyun ƙarshe ce, wadda ƙaramar ke zama a kanta. Ba zan ce taki ce ba, Allah kaɗai ya san gidajen da naki suka shiga. Amma fulawar iri ɗaya ce, bakin ma shuɗi ne.

Ki yafe min faɗan daren nan. Ki yafe min shekara 26. Ki yafe min daren Talata, ko da yake ba ki taɓa cewa na yi laifi ba. In akwai wani abin da na manta, ke ba ki manta ba, ki faɗa min tun ina iya biya.

Ni ne, Malam.

Bayan sallar isha'i na ba Auta langar a naɗe cikin sabon ɗankwali ta kai mata, ni kuma na fita ƙofar gida na zauna a kan dakali kamar mai jiran hukunci. Na ba ta kusan awa guda. Da na shigo, tana zaune a bakin gado, tabarau a hannu, takardun a kan cinyarta, ta riga ta wanke fuska. Ba ta dube ni ba. Ta ɗaga langar ta juya gindinta, ta shafa bakin da yatsa, ta ƙwanƙwasa da zobenta ta kara a kunne, daidai yadda dillaliyar nan ta yi a 1998.

Ta ce, "Nawa suka sayar maka?"

Na faɗa mata. Ta ce an cuce ni, da ita aka aika da rabin haka za ta sayo.

Sannan ta ce daren Talata ba nawa ba ne, kwana ne ya ƙare, kada in sake ɗaukarsa. Na faɗan kuma ta ce ta yafe tun a daren, don ta ji ina juyi har asuba. A kan shago ba ta ce komai ba, ta dai ɗaure makullin a bakin zaninta, kuma ranar Asabar ƙaninta ya zo da sabon kwaɗo.

Ta tashi ta buɗe kabet, ta ɗauko ƙaramar daga bayan kofunan tangaran inda take ɓoye ta saboda jikoki. Ta ajiye sabuwar, ta ɗora ƙaramar a kan murfinta. Ta zauna daram, ba ta girgiɗa ba. Ta ɗan ja da baya tana kallonsu, hannunta a ƙugu.

Ta ce, "Malam, saura huɗu."

Na koma wurin tsohuwar ta Yakasai ranar Litinin, na bar mata kuɗin mota. Ta ce babbar ce za ta yi wuya, don ita aka fi sauko da ita ranar suna, yawanci duk sun ɓantare.